Idan ofis da wayar jami'i suka gyara bayani ɗaya a lokaci guda, gyaran wa manhaja ke ɗauka?

Kusan duk wani shirin rabon tallafi, rajistar 'yan gudun hijira ko ƙidayar yaran da za a yi wa rigakafi yana ajiye bayanan mutane a wuri fiye da ɗaya. Kwafi ɗaya na zaune a rumbun bayanai na ofis, wani kuma yana cikin wayar jami'in da ke zagaya ƙauyuka, inda sau da yawa babu intanet. Kowane ɓangare na da ikon yin gyara, kuma idan wayar ta samu intanet sai manhaja ta tura gyaran waya zuwa ofis, ta kawo na ofis zuwa waya. Wannan shi ne daidaita bayanai ta ɓangare biyu.

Muddin ɓangare ɗaya ne kawai ya taɓa bayanin mutum, babu wata matsala. Rigima na tasowa ne idan duka biyun sun gyara bayanin mutum ɗaya kafin su haɗu. A nan dole manhajar ta yanke hukunci, kuma tana yanke shi ne bisa ƙa'idar da wani injiniya ya zaɓa tun ranar da aka kafa tsarin. Ƙa'idoji uku ne suka fi yaɗuwa: na ƙarshe ya yi nasara, tushe guda mai iko, da haɗe gyare-gyare gurbi-gurbi. Kowacce tana iya fitar da amsa daban daga bayanai iri ɗaya, kuma amsar ce ke nuna ko kuɗin mutum zai isa hannunsa.

Kati ɗaya, gyara huɗu

A ƙaddara wani shirin tallafi da ke biyan Naira 5,000 a kan kowane mutum a gida duk wata. Kowane gida na da katin bayani a cikin manhaja, kuma katin ya kasu gurbi-gurbi: suna, lambar waya, unguwa, lambar asusun banki, da yawan mutanen gida. Katin wata mata mai riƙe da gida na nuna mutum 5.

Ranar Litinin da safe jami'in rajista ya sauke katin a wayarsa ya fita zagaye. Ranar Talata da ƙarfe 10:15 na safe ya isa gidan matar a wurin da babu intanet. Ta shaida masa cewa ta sauya layin waya, kuma an yi haihuwa a gidan. Ya rubuta sabuwar lambar, ya mai da yawan mutane 6.

A ranar Talatar dai, da ƙarfe 2:40 na rana, akawun ofis ya buɗe katin a kwamfuta. Banki ya dawo da kuɗin watan jiya saboda kuskure a lambar asusu, don haka ya gyara ta. Ya kuma ga wata takarda da ta jima a tebur, wadda ke cewa 'yar matar ta yi aure ta tare a gidan mijinta, sai ya mai da yawan mutane 4.

Ranar Laraba da ƙarfe 9:00 na safe jami'in ya dawo gari, wayar ta samu intanet. Yanzu akwai kati biyu na mace ɗaya. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sakaci. An yi gyara huɗu, kowanne gaskiya ne a iya sanin wanda ya yi shi.

Ƙa'ida ta farko: na ƙarshe ya yi nasara

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma a allon saitin manhajoji ana ganin ta da sunan `last write wins`. Kowane gyara na ɗauke da hatimin lokaci. Idan kati biyu suka yi karo, manhaja ta duba wanda lokacinsa ya fi kusa, ta ajiye shi, ta watsar da ɗayan. Manyan rumbunan bayanai na amfani da ita. Amazon na warware karo da ita a tsarin DynamoDB mai kwafi a yankuna daban-daban na duniya, haka kuma ita ce ƙa'idar da Cosmos DB na Microsoft ke zuwa da ita idan ba a zaɓi wata ba. Dalilin farin jininta a fili yake: ba ta jiran kowa, ba ta buƙatar tuna tarihin kati, kuma duk na'urorin da suka bi ta za su ƙare da amsa iri ɗaya.

A katin matar, 2:40 na rana ya zo bayan 10:15 na safe, don haka katin ofis ne zai tsira gaba ɗayansa. Lambar asusu ta gyaru, amma sabuwar lambar waya ta ɓace, jaririn ma ya ɓace daga lissafi. Za a biya ta Naira 20,000, saƙon sanarwa kuma zai tafi layin da ta daina amfani da shi. Wayar jami'in ba za ta nuna masa wani jan rubutu ba. Za ta ce an daidaita lafiya, domin a wurin manhajar babu abin da ya lalace.

Kalmar "ƙarshe" kanta tana da fuska biyu. Wasu manhajoji na duba lokacin da aka yi gyaran, wasu kuma lokacin da gyaran ya iso rumbun ofis. Idan lokacin isowa ake bi, katin waya da ya iso ranar Laraba shi ne na ƙarshe. Sai ya danne na ofis, tsohuwar lambar asusu mai kuskure ta dawo, banki ya sake maido da kuɗin. An rubuta mata Naira 30,000 a takarda, amma ko kwabo ba zai shiga hannunta ba.

Akwai kuma matsalar agogo. Hatimin lokaci na da amfani ne kawai idan agogon na'urorin sun yi daidai, alhali ba kullum suke yi ba. Wayar da agogonta ya yi gaba da kwana ɗaya za ta riƙa cin nasara a kan gyaran da aka yi bayan nata. Wadda kwanan watanta ya koma baya, kamar yadda kan faru da wasu wayoyi idan aka cire batir ko ya mutu murus, za ta riƙa faɗuwa a kowane karo. Lokacin Najeriya da Nijar yana gaba da lokacin duniya na UTC da awa ɗaya, don haka idan waya ta rubuta lokacin gida, rumbu kuma ya karanta shi a matsayin UTC, duk gyaran waya ya samu kyautar awa guda. Tun a 1978 masanin kwamfuta Leslie Lamport ya nuna yadda za a jera aukuwar abubuwa tsakanin na'urori ta hanyar ƙirga mataki maimakon dogaro da agogon bango, kuma a aikin nasa ya bayyana cewa akwai abubuwan da ba za a iya cewa wannan ya biyo bayan wancan ba, domin kowanne ya faru ba tare da sanin ɗayan ba. Gyaran jami'i da na akawu irin waɗannan ne. Akawun bai ga gyaran jami'in ba balle a ce ya soke shi. Ƙa'idar na ƙarshe ya yi nasara tana ɗaukar rashin sani a matsayin sokewa, kuma nan ne tushen asarar da take jawowa.

Duk da haka tana da inda ta dace. Idan sabon bayani yana maye gurbin tsoho gaba ɗaya, kamar wurin da motar rabon kaya take a yanzu ko zafin firjin ajiye allurar rigakafi a wannan minti, babu asara idan aka watsar da na baya.

Ƙa'ida ta biyu: tushe guda mai iko

A nan ba a duba agogo. Tun farko ake ayyana ɓangare ɗaya a matsayin mai magana ta ƙarshe, kuma duk lokacin da aka samu saɓani, nasa ne ke tsayawa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

'Yan Najeriya sun san wannan tsari ko da ba su san sunansa ba. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajistar jarrabawarta, kuma sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa suna fitowa ne daga rumbun hukumar NIMC. Amfanin a bayyane yake: mutum ba zai zama da suna ɗaya a nan, wani a can ba, kuma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan ana son gyara. Illar ma a bayyane take. Idan kuskuren yana rumbun NIMC, zai bi ɗalibin duk inda aka jawo bayanin, kuma sai ya fara gyarawa a can tukuna.

A katin matar, idan ofis ne tushe, sakamakon zai yi kama da na ƙa'idar farko: asusu ya gyaru, waya da jariri sun ɓace, Naira 20,000. Bambancin shi ne wannan karon ba sa'a ba ce, kuma agogo ba zai sauya shi ba. Ko da jami'in ya yi nasa gyaran da daddare, na ofis ne zai tsaya. Wannan tabbaci shi ne babbar fa'idar ƙa'idar, domin mai bincike zai iya faɗin abin da zai faru tun kafin ya faru, ya kuma san wanda zai tuhuma.

Sai dai a gaskiya wannan tsari ya rage daidaitawar ta koma kusan ta ɓangare ɗaya. Wanda ya je gidan, ya ga jaririn da idonsa, shi ne muryarsa ba ta da nauyi. Alamar da ake gane cutar da ita ita ce gyaran da ke komawa: jami'i ya gyara lambar waya yau, gobe ya tarar da tsohuwa, ya sake gyarawa, ta sake dawowa. Bayan 'yan makonni jami'ai kan daina gyara a manhaja su koma rubutu a littafi, kuma daga nan rumbun da ake kira tushen gaskiya ya fara tsufa ba tare da kowa ya lura ba.

Hanyar da ke rage wannan illa ita ce a daina watsar da gyaran ɓangaren da ba shi da iko, a mai da shi buƙatar gyara da ke jiran amincewa. Gyaran jami'i ya shiga layi, wani a ofis ya duba, ya karɓa ko ya ƙi tare da rubuta dalili. Hanya ta biyu ita ce a raba ikon maimakon a damƙa shi duka ga ɓangare ɗaya. Ofis ne ke hulɗa da banki, don haka shi ke da iko da lambar asusu. Jami'i ne ke zuwa gida, don haka shi ke da iko da lambar waya da unguwa. Manhajojin kasuwanci na ba da irin wannan zaɓi. A haɗin HubSpot da Salesforce, misali, ana zaɓar wa kowane gurbi ƙa'idarsa, kuma cikin zaɓin akwai `Always use Salesforce` da `Prefer Salesforce unless blank`. Zaɓi na biyun ya samo asali ne daga wata matsala da ake yawan cin karo da ita: idan gurbin tushe babu komai a cikinsa, bin sa ido rufe zai goge bayani mai kyau da ke ɗaya ɓangaren ya bar fili.

Ƙa'ida ta uku: haɗewa gurbi-gurbi

Ƙa'idoji biyun farko, idan aka yi amfani da su a kan kati gaba ɗaya, suna watsar da gyaran da bai yi karo da komai ba. Sabuwar lambar wayar matar ba ta saɓa da aikin akawu ba, domin bai taɓa wannan gurbi ba. Haɗewa gurbi-gurbi na ƙoƙarin ceto irin wannan gyara ne ta hanyar duba kowane gurbi shi kaɗai.

Don yin haka manhaja na buƙatar kati uku: na waya, na ofis, da na asali, wato yadda katin yake ranar Litinin kafin kowa ya taɓa shi. In babu na asalin, manhaja za ta ga lambobin waya biyu mabambanta ba tare da sanin wanda ya sauya da wanda ya bar tsohuwa ba. Da irin wannan kwatance mai kusurwa uku Git ke haɗe ayyukan masu rubuta manhaja. Hukuncin kowane gurbi gajere ne:

```python
if waya == ofis:    sabo = waya
elif ofis == asali: sabo = waya
elif waya == asali: sabo = ofis
else:               sabo = KARO
```

Layi na farko na cewa idan ɓangarorin biyu sun yi daidai babu abin tattaunawa. Na biyu da na uku na cewa idan ɓangare ɗaya bai taɓa gurbin ba, a ɗauki na wanda ya taɓa. Na huɗu ne kawai karo na gaskiya, inda duka biyun suka sauya gurbi ɗaya zuwa abubuwa daban.

A katin matar, suna da unguwa sun wuce ta layi na farko. Lambar waya ta wuce ta na biyu, an ɗauki ta jami'i. Lambar asusu ta wuce ta na uku, an ɗauki ta akawu. Gyara biyu cikin huɗu sun tsira, kuɗin zai shiga asusun da ya dace, sanarwa za ta je layin da ke aiki. Saura yawan mutanen gida: asali 5, waya 6, ofis 4.

A nan haɗewa ta kai iyakarta, kuma yawancin manhajoji kan koma ga ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyun farko don wannan gurbi kaɗai. Tsarin Active Directory na Microsoft, wanda ke daidaita bayanan masu amfani da kwamfutocin ma'aikatu, yana warware karo gurbi-gurbi: ya fara duba lambar sigar gurbin, idan sun yi kunnen doki ya duba lokaci, idan nan ma sun yi daidai ya raba gardama da lambar shaida ta na'urar da gyaran ya fito. Kamfanin Figma ya bayyana a 2019 cewa manhajarsa ta zane na yin abu makamancin haka: mutum biyu na iya sauya siffofi daban na abu ɗaya ba tare da karo ba, amma idan siffa ɗaya suka taɓa, wanda ya iso rumbu a ƙarshe shi ke tsayawa.

To wanne ne daidai a gidan matar, 6 ko 4? Babu ko ɗaya. Jami'in ya ƙara jariri a kan 5 ɗin da ya tarar, akawu ya cire amarya daga 5 ɗin da ya tarar. An samu ƙarin mutum ɗaya da ragin mutum ɗaya, don haka gidan na nan da mutum 5, haƙƙinta kuma Naira 25,000. Duk ƙa'idar da aikinta shi ne zaɓar gwani tsakanin amsoshi biyu za ta yi kuskure a nan, ko ta tauye matar da Naira 5,000 ko ta ƙara mata abin da ba nata ba. Gyaran yana cikin yadda aka tsara katin tun farko. Da a ce maimakon jimilla guda an ajiye jerin mutanen gida, kowa da layinsa, da gyaran jami'i ya zama "an ƙara wane", na akawu ya zama "an cire wance", su haɗu ba tare da karo ba. Duk adadin da ake ƙarawa ko ragewa, kamar buhunan da suka rage a sito ko kuɗin da ke asusun ƙungiya, ya fi aminci a ajiye shi a matsayin jerin shiga da fita. Wannan tunani ne ke ƙarƙashin nau'in tsarin bayanai da ake kira CRDT, wanda Marc Shapiro da abokan aikinsa suka fayyace a 2011.

Tarkuna biyu na haɗewa

Tarko na farko shi ne guraben da ke tafiya tare. A ce jami'i ya sauya sunan banki da lambar asusu saboda matar ta koma wani banki, akawu kuma ya gyara lamba ɗaya a tsohon asusun. Gurbin sunan banki zai wuce lafiya, domin waya kaɗai ta taɓa shi. Gurbin lambar asusu zai yi karo, kuma idan ofis ya yi nasara, katin zai fito da sabon banki haɗe da tsohuwar lamba. Wannan kati ne da babu ɗan'adam ɗin da ya rubuta shi, kuma ya fi kowanne daga cikin biyun muni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haka abin yake ga jiha, ƙaramar hukuma da mazaɓa, inda haɗewa za ta iya sanya mazaɓa a ƙaramar hukumar da ba ta cikinta. Maganinsa shi ne a ɗaure irin waɗannan gurabe a matsayin dunƙule ɗaya, su yi nasara tare ko su faɗi tare.

Tarko na biyu shi ne gogewa. Idan ofis ya cire gida daga rajista yayin da jami'i ke gyara katinsa, babu gurbin da za a kwatanta, domin ɗaya ɓangaren babu katin sam. Idan manhaja ba ta ajiye alamar cewa an goge katin da gangan ba, za ta ɗauka sabon kati ne waya ta kawo, ta maido da shi. Injiniyoyin Amazon sun amince da wannan illa a takardar da suka wallafa a 2007 kan tsarinsu na Dynamo: sun zaɓi haɗe kwandunan sayayya da suka yi karo don kada abin da mai saye ya saka ya ɓace, sakamakon haka kayan da aka cire kan sake bayyana. A kwandon sayayya wannan ƙaramin abin haushi ne. A jerin albashi ko rajistar tallafi, hanya ce da sunan mamaci ko na bogi da aka cire zai iya dawowa ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Ina wanda ya faɗi yake tafiya?

Kwatanta ƙa'idojin uku na nuna cewa kowacce na sayen abu ɗaya da farashin wani. Na ƙarshe ya yi nasara na ba da sauri da sauƙi, farashinta kuma gyaran da ke ɓacewa shiru. Tushe guda na ba da tabbaci da sanin wanda ke da alhaki, amma yana toshe bakin wanda ya fi kusa da gaskiyar lamarin, ya kuma yaɗa kuskuren tushe ko'ina. Haɗewa gurbi-gurbi na ceto mafi yawan gyare-gyare, sai dai tana buƙatar ajiye katin asali, tana iya haifar da kati mai gauraye, kuma ba ta da amsar kanta idan an yi karo a gurbi ɗaya. Tsarin da aka gina da kulawa kan haɗa su ne: haɗewa a matsayin ginshiƙi, mai iko ga kowane gurbi mai nauyi, agogo ga ƙananan abubuwa, sannan duk karon da ya shafi kuɗi ko cancanta a tsayar da shi sai mutum ya duba.

Abin da ya fi zaɓin ƙa'ida muhimmanci shi ne makomar gyaran da ya faɗi. Rumbun CouchDB misali ne na wata hanya. Idan kwafi biyu suka yi karo yana zaɓar ɗaya ya nuna, ta hanyar da kowace na'ura za ta zaɓi iri ɗaya, amma ba ya goge ɗayan. Yana ajiye shi, kuma ana iya ganin sa idan aka nemi katin da `?conflicts=true`. Ƙungiyar eHealth Africa, mai ofis a Kano, ta yi amfani da CouchDB da takwaransa PouchDB wajen gina manhajojin da ke aiki babu intanet lokacin annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma. Ajiye wanda ya faɗi ba ya warware karon da kansa. Idan babu wanda aka ɗora wa aikin duba jerin, karon zai yi ta taruwa a ɓoye yayin da allo ke nuna komai lafiya. Amma aƙalla akwai abin da za a koma a duba ranar da wani ya kawo ƙorafi.

Gwajin da ke tona ƙa'idar kowace manhaja ba ya buƙatar injiniya. A buɗe katin gwaji a na'ura biyu, a kashe intanet ɗin ɗaya, a sauya lambar waya a nan, a sauya unguwa a can, sannan a haɗa su. Idan gyara ɗaya ya ɓace, kati gaba ɗaya ake dannewa. Idan kullum ɓangare ɗaya ke tsira ko da an juya tsarin lokaci, tushe guda ne. Idan duka biyun sun tsira, sai a maimaita a gurbi ɗaya, a ga ko manhajar za ta ɗaga tuta ko za ta zaɓa shiru. Daga nan a tura agogon wayar gaba da kwana ɗaya a sake gwadawa.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin neman a gyara bayaninsa idan akwai kuskure. Wannan haƙƙi ba ya cika idan an karɓi gyara ranar Talata, daidaitawar ranar Laraba kuma ta goge shi ba tare da barin sawu ba. Don haka idan sunaye suka ɓace daga rajista aka ce "matsalar na'ura ce", akwai tambayoyin da ɗan jarida ko ɗan majalisar da ke sa ido zai iya yi wa hukumar: wace ƙa'ida manhajar ke bi idan an yi karo, wa ke da iko da gurbin asusu da na cancanta, karo nawa aka samu a watan jiya, kuma ina aka ajiye gyaran da ya faɗi. Hukumar da ta ce ba ta taɓa samun karo ba alhali jami'anta na aiki babu intanet, mai yiwuwa manhajarta ba ta ƙirgawa ne, tana dannewa ta wuce.